Shafi arba'in a kan dubu 120: a ina lissafina ya karkace?

Hauwa'u: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawara, kuma abin ya dame ni sosai. Watan jiya wata ƙungiya mai aikin kiwon lafiya ta ba ni fassarar littafin horas da ma'aikatan sa-kai daga Turanci zuwa Hausa. A waya muka yi magana da jami'insu, ya ce shafi 40 ne, nawa nake yi? Na ce dubu uku kowane shafi, ya ce ya sallama, ko ragi bai nema ba. Murna ta kama ni, dubu 120 a zama ɗaya. Da fayil ɗin ya iso na buɗe, gabana ya faɗi. Rubutu ne ƙanana cunkushe cikin ginshiƙi biyu, ga jadawali kusan kowane shafi, ga hotuna masu rubutu a cikinsu. Kwana 19 na yi a kansa, ban karɓi aikin kowa ba. Yanzu sun ce aikin ya yi musu, za su turo kashi na biyu, shafi 60, a kan farashin da. Me zan ce musu? In koma lissafin kalma ne, ko in yanka musu kuɗi a dunƙule?

Kabiru: Wa alaikumus salam. Hajiya dubu uku fa kika ce? Mu a shagonmu naira 300 muke buga shafi, in da jadawali 500. Wallahi ki riƙe mutanen nan da kyau.

Hauwa'u: Malam Kabiru ba bugawa ba ce, fassara ce. Akwai sakin layi ɗaya a kan alamomin haɗari ga mai juna biyu da sai da na kira wata ungozoma 'yar uwata muka yi kusan rabin awa kafin na samu Hausar da matan ƙauye za su gane ba tare da na canza maganar likita ba.

Kabiru: Au to, na fahimta. A yi haƙuri, na ɗauka bugun na'ura ne. Amma ko mu ɗin ba ma yanka kuɗi sai mun ga takardar da idonmu.

Malam Sani: Maganar Kabiru ta ƙarshe ita ce rabin amsar. Hauwa'u, cinikin biri a sama kika yi, kuma babu wanda ya daɗe a sana'ar nan bai taɓa yinsa ba. Kafin mu je ga kashi na biyu, buɗe na farkon a Word, ki shiga Review, ki danna Word Count. Akwai ɗan akwati a ƙasa da aka rubuta Include textboxes, footnotes and endnotes, ki tabbata kin sa masa alama, domin littattafan horaswa rabin maganarsu a cikin akwatunan gefe take. Na Turancin nake nufi, ba Hausarki ba. Ki faɗa mana abin da ya nuna.

Hauwa'u: Na duba Malam. Kalma 20,800.

Malam Sani: To ga inda gizo ke saƙa. Lokacin da kika ce dubu uku, shafin da ke cikin kanki shi ne irin na takardar makaranta, mai layi a buɗe, wanda ba ya wuce kalma 250. Da haka yake, littafin kalma dubu goma ne, kin sayar da kalma a naira 12, ba laifi. Amma shafinsu yana ɗauke da kalma 520. Raba dubu 120 gida 20,800, za ki ga ko naira shida ba ki samu a kan kalma ba. Aikin littafi biyu kika yi aka biya ki na ɗaya.

Shafi kamar mudu yake. Ki je kasuwar wani gari ki ce a auna miki mudu goma, ki je wata ki faɗi haka, abin da za ki kawo gida ba ɗaya ba ne. Mai tsara littafi yana iya rage girman harafi, ya matse gefen takarda, ya tura shafi 70 cikin 40 don rage kuɗin ɗab'i. Ba don ya cuce ki ya yi ba, bai ma san da ke ba. Amma ke za ki ɗauki nauyin.

Nura: Ni abin da nake gani mai sauƙi ne. Hausa ta fi Turanci tsawo, kowa ya sani. Anti Hauwa, da kika gama shafi nawa ya zama?

Hauwa'u: 51.

Nura: To ki rubuta musu takardar biya ta shafi 51. Ai "kowane shafi" kuka ce, ba a ce na wane harshe ba. Ni kullum da Hausar da ta fito nake lissafi, saboda ita na rubuta da hannuna. Kalmar da Bature ke kiran shayar da jariri nonon uwa guda ɗaya ce tal, mu kuwa sai mun jera huɗu ko biyar. Don me za a biya ni ɗaya?

Malam Sani: Nura, rabin maganarka gaskiya ce. Hausarmu cike take da ƙananan kalmomi, da, na, ta, a, ya, za, kuma na'ura duk abin da ke tsakanin sarari biyu kalma take ƙirga shi. A ayyukana kusan kullum Hausar ta fi asalin yawan kalmomi, musamman a rubutun lafiya da na shari'a inda kalma ɗaya sai an warware ta. Amma maganin wannan shi ne ka ɗaga farashin kalmar asali, ba ka koma ƙirga taka ba.

Dalilina biyu. Na farko, mai aiki yana so ya san nawa zai biya kafin a fara, musamman ƙungiyoyi da sai an sa hannu a kan kasafi. Kalmar asali tana nan a gabanku ku biyu tun ranar farko, babu gardama. Na biyu kuwa ya shafi rubutunmu kansa. An taɓa kawo mini wata fassara in duba, duk inda ya kamata a rubuta "yana" an rubuta "ya na", "suke" ta zama "su ke", "akan yi" ta zama "a kan yi". Ban ce da gangan mutumin ya yi ba, mutane da yawa haka suka saba. Amma da kalmar Hausa aka biya shi, don haka karya ƙa'idar rubutu ta ƙara masa kuɗi, wanda ya bi ƙa'ida kuma da ya samu ƙasa da haka. Ga kuma mai ja da magana, wanda zai ce "a cikin wannan lokaci da muke ciki" inda "yanzu" ta wadatar. Duk ma'aunin da zai ba mai shirme lada ya hana mai tsabtar aiki, ba na son sa.

Batun shafi 51 kuwa, kada ki yi, Hauwa'u. Jami'in ya ce 40, kin amsa a kan 40. Alƙawari kaya ne.

Nura: Malam ban yarda duka ba. Idan takardar hoto ce fa? Ni yawancin abin da ake turo mini PDF ne da aka ɗauka da waya, Word ba ya ganin ko kalma ɗaya a ciki. Da me zan ƙirga asalin?

Malam Sani: Nan kam ka kama ni. In takarda ce da ba ta ƙirguwa, ko rubutun hannu, ko ajami za a mayar boko, ƙirga abin da ya fito ya halatta, muddin an faɗa tun farko. Ni dai abin da nake yi, in zaɓi shafi uku, mai cika da matsakaici da mai sauƙi, in ƙirga su da hannu, in ɗauki tsaka-tsaki in ninka da yawan shafuka, in ce wa mai aiki ga ƙiyasi, ba zai wuce kaza ba.

Isuhu Damagaram: Salamu alaikum mutanen Najeriya. Ku ba ni dama in sa baki daga wannan gefe. Mu nan daga Faransanci muke juyawa, kuma mu ma ana ce mana shafi. Amma ni da aka ƙona ni sau ɗaya sai na koma ga ma'aunin masu ɗab'in littafi na Faransa. Su shafinsu ba takardar da ke hannunka ba ce, awo ne tsayayye: layi 25, kowane layi harafi 60, ke nan harafi 1,500 har da sarari. Sai in duba inda Word ya rubuta Caractères (espaces compris), in raba da 1,500, abin da ya fito shi ne yawan shafina. Mai aiki ya ji kalmar da ya saba da ita, ni kuma ba a matse mini rubutu. In na ce jikka huɗu shafi, wato sefa dubu huɗu, na san shafin da nake nufi, kuma ina rubuta shi a takardar farashi. Ƙanwata, ba dole ki bar lissafin shafi ba, ki dai faɗa masu girman mudunki.

Malam Sani: Madalla Malam Isuhu. Daidai yake da a ce "shafi a wurina kalma 250 ne". Da Hauwa'u ta faɗi wannan jimla ɗaya a waya, da littafin ya zama shafi 83 ba 40 ba.

Hauwa'u: Inna lillahi. Shafi 83.

Anti Bilki: Na daɗe ina karanta ku ban ce komai ba. Duk maganar nan ta masu fassara ce, ni kuwa rubutu nake yi daga tushe, wasan kwaikwayon rediyo da saƙonnin faɗakarwa, kuma ina so a san cewa lissafin kalma ba ko'ina yake shiga ba. An taɓa ba ni saƙon rediyo na daƙiƙa 30 a kan kai yara riga-kafi. Abin da ya fita a ƙarshe bai kai kalma 70 ba. Kwana uku na yi. Na rubuta kala shida, na karanta wa maƙwabtana mata biyu, ɗaya ta ce mini wannan maganar asibiti ce ba maganar tsakar gida ba, na yaga na sake. Na riƙa karantawa da agogo a hannu saboda in ya wuce daƙiƙa 30 gidan rediyo zai ƙara musu kuɗi. Aikina duka ragewa ne. In da kalma za a biya ni, kowace kalma da na cire don saƙon ya yi kyau na cire daga aljihuna ke nan.

Saboda haka ni a dunƙule nake yanka kuɗi. Amma shi ma yana da raminsa, na faɗa ciki. Wani wasa mai kashi 13 na karɓa a dunƙule ban rubuta sau nawa za a yi gyara ba. Shugabar shirin ta gyara, na gyara. Aka kai wa masu ba da kuɗi, suka ce a canza sana'ar jarumar, wanda ya taɓa kowane kashi. Aka canza jami'i, sabon ya zo da nasa ra'ayin. Wata huɗu ina kan aikin da na lissafa wa mako shida, kuma ba ni da bakin magana tunda "har a gama" muka ce. Tun daga nan takardata tana cewa gyara zagaye biyu ne, a tattaro shi wuri ɗaya, na uku da kuɗinsa, kuma canza labari bayan an amince da tsarinsa sabon aiki ne. Rabin kuɗi kafin alƙalami.

Nura: Anti, kafin alƙalamin nan ƙungiyoyi ba sa bayarwa fa. Sai dai su ce bayan kwana 30 da miƙa aiki.

Anti Bilki: Wasu ba sa bayarwa, gaskiya ne, tsarin ofishinsu ne. Da irinsu sai in raba aikin gida uku, kowane kashi na miƙa in tura takardar biyansa. Kada dai ka wayi gari duk aikin yana hannunsu, duk kuɗin ma yana hannunsu.

Hauwa'u: Na gode Anti. To ni yanzu wanne zan ɗauka? Kaina ya fara ɗaurewa, kowa da nasa.

Malam Sani: Ba su saɓa wa juna ba, ƙanwata. Abin da kike sayarwa kwanakinki ne. Kalma da shafi da dunƙule hanyoyin faɗa wa mai saye ne kawai. Bari mu bi ta kan naki. Kwana 19 ɗin nan, yaya suka kasu?

Hauwa'u: Kwana 14 fassara, ina yin kamar kalma 1,500 a yini in akwai wuta. Kwana uku bita. Kwana biyu gyaran jadawali, saboda Hausar ta ƙi shiga akwatunan, sai da na riƙa faɗaɗa su ɗaya bayan ɗaya.

Malam Sani: To kin ga dubu shida da ɗari uku kika samu a yini, ba a cire data da man janareta ba. Yanzu ke za ki faɗa, ba ni ba: nawa ne yininki in har sana'ar za ta riƙe ki? Ki tuna ba kullum ake samun aiki ba.

Hauwa'u: In na samu dubu 15 a yini, alhamdu lillahi.

Malam Sani: Dubu 15 sau 19, dubu 285. Raba da 20,800, ya kusa naira 14. Wannan shi ne farashin kalmarki a irin wannan littafi, kuma bita da wahalar jadawali suna cikinsa, kada ki sake caje su daban. Ba farashin kowa ba ne, naki ne, daga saurinki da buƙatarki ya fito. In littafin labari ne mai sauƙi zai sauka, in takardar kotu ce zai hau. Yanzu ki ce su turo kashi na biyu ki gani, kada ki ambaci kuɗi ko da wasa kafin ya iso.

Hauwa'u: Sun turo da yamman nan. Word ya ce 27,400. Na bi hotunan na ƙirga rubutun cikinsu da hannu, wajen 1,100. Jimla 28,500. Amma na lura da wani abu: babi 12 ne, kuma ƙarshen kowane babi akwai akwati iri ɗaya na tunatarwa, kalma 150, ba a canza ko waƙafi ba.

Nura: Wannan ribarki ce Anti, ki yi shiru. Allah ne ya ba ki.

Malam Sani: Ni ba zan yi shiru ba. Kamfanonin fassara masu aiki da manhajar fassara irin Trados ko memoQ da kansu suke ciro maimaici su rage kuɗinsa, kuma ranar da jami'in nan ya gano an caje shi abu ɗaya sau 12, duk sauran lissafinki zai zama abin zargi. Ki nuna masa da kanki. Na farkon cikakken kuɗi, sauran 11 ɗin, kalma 1,650 ke nan, ki sa musu naira huɗu, saboda sai kin liƙa kin duba kowanne ya zauna. Saura 26,850 a naira 14 ya ba da 375,900. Maimaicin 6,600. Duka 382,500. Kwanaki kuma ki lissafa kamar 25.

Nura: Malam, mutumin da ke jiran jin dubu 180 za a ce wa 382? Zai gudu ne kawai. Akwai yara a gari da za su yi masa a dubu ɗari.

Isuhu Damagaram: Nura bai yi ƙarya ba a nan. Ni ma na rasa ayyuka ta haka.

Anti Bilki: Shi ya sa yadda za a faɗa yake da muhimmanci. Hauwa'u, kada ki rubuta "na ƙara kuɗi". Ki ba shi adadi ɗaya a dunƙule a sama, saboda shi zai kai wa akanta. A ƙasa ki nuna daga inda ya fito: yawan kalma, ragin maimaici, ranar miƙawa, gyara zagaye biyu. Ki gaya masa gaskiya cewa a kashi na farko kin yi ƙiyasi ba ki ga littafin ba, kin cika alƙawari a haka, ba kuma kya neman cikon baya. Kuma ki tambaye shi abu ɗaya: za su sa wani ya mayar da Hausarki Turanci don su gwada? Masu aikin lafiya suna yawan yin haka, sai su dawo miki da tambayoyi hamsin. In za su yi, amsa tambayoyin ya shiga cikin zagaye biyun nan, ba ƙari a kansu ba.

Malam Sani: A batun cikon baya ne kawai nake da ɗan bambanci da Hajiya Bilki. Ba haƙƙinta ba ne ta tilasta, amma in jami'in mai adalci ne ya ga lissafin da kansa ya ce zai duba, kada ta ce a'a don kunya.

Anti Bilki: In ya kawo da kansa, to. Amma kada ta roƙa, zai raunana maganar kashi na biyu.

Kabiru: Ni dai na ƙaru. Takardun shaidar haihuwa da na aure da ake kawo mini shago a nema musu mai fassara fa, su ma kalma za a ƙirga?

Malam Sani: A'a, waɗannan a kan takarda ake yi, kowace da kuɗinta. Kalmominsu kaɗan ne amma sai an kwaikwayi tsarin, an duba suna da lamba harafi-harafi. Nan lissafin shafi ya fi kowanne dacewa. Kuma kowa ya sa wa kansa mafi ƙarancin abin da zai karɓa, ko da layi biyu ne.

Hauwa'u: Assalamu alaikum, ga yadda muka yi. Na tura kamar yadda Anti Bilki ta tsara. Jami'in ya kira ni da kansa, bai yi faɗa ba, ya ce shi ma bai taɓa ƙirga kalmomin ba. Amma ya ce abin da ke cikin kasafinsu dubu 250 ne, ba zai iya wuce shi ba sai an koma sama, kuma hakan zai ɗauki makonni. Na ce ya ba ni zuwa gobe.

Nura: Ki karɓa Anti. Daga 180 zuwa 250 ai an ci gaba. Tsuntsu ɗaya a hannu.

Malam Sani: 250 a kan kwana 25 dubu goma ke nan a yini. Ya fi na baya, bai kai abin da kika ce ba. Ni da zan rage aikin, ba farashin ba. Duba ƙarshen littafin, akwai rataye? Fom-fom na rahoto da ma'aikata ke cikewa, sau da yawa da Turanci ake amfani da su ko an fassara.

Hauwa'u: Akwai, shafi 14 ne. Na ƙirga su yanzu, kalma 6,200. In an cire su a naira 14, an rage 86,800, saura 295,700. Har yanzu da tazarar dubu 45 da wani abu.

Anti Bilki: Tambaye shi ko suna da mai tsara shafi a ofis. In su za su zuba rubutun cikin jadawali da hotuna, kin huta kwana uku, kina iya sauka ki same shi a kusa.

Isuhu Damagaram: Amma ki ce sai kin ga shafukan kafin a buga. Mai tsarawa in bai da harafin ƙ da ɗ da ɓ a na'urarsa, akwatuna za su fito a wurinsu, kuma sunanki ne a kan aikin.

Hauwa'u: Wannan duba na ƙarshe ma yini guda ne, zan sa shi a lissafi. Zan kira shi da safe in ji batun ratayen da mai tsarawa. Malam Sani, in na rubuta sabuwar takardar farashin zan turo maka ka duba mini kafin in aika, in ba damuwa.

Malam Sani: Turo bayan azahar, ina ofis da safe. Ki haɗo da fayil ɗin Turancin.